Minti goma sha huɗu da suka ɓace a ajina

Kafin in zo jami'ar Andire Salifu nan Damagaram, na yi shekara guda ina koyarwa a matsayin malamin kwantaragi. Da yawa daga cikinmu, ƴan uwa ɗalibai, mun bi ta wannan hanya, wasu kuma can za su nufa idan an gama, ko suna so ko ba sa so. Shi ya sa da aka ce kowa ya kawo rubutu, na ce bari in ba da labarin abin da ya same ni a wani ajin zana cikin Damargu, ko wani ya tsira daga kunyar da na sha.

A watan Oktoba na 2021 aka tura ni wani ƙauye a ƙasar Belbeji, yamma da Tanut. Wanda ya san hanyar Agadas ya san Tanut, kamar kilomita 140 daga Zindar. Belbeji kuwa a da tana ƙarƙashin Tanut ne, sai a 2011 ta zama gundumar kanta. Ƙasa ce ta gero da dabbobi, Hausawa da Buzaye da Fulani a cakuɗe. Darakta ya kalle ni, ya ce tunda ni ne sabo, in ɗauki aji ɗaya, wato Se'i. Na yi murna, ina cewa a raina me ke da wuya a koya wa ɗan shekara shida ko bakwai ƙidaya daga ɗaya zuwa goma?

Ajin rumfa ce ta karan gero da zana, iyaye suka kafa ta bayan girbi. Yara 64 a kan tabarmi, ba tebur ba benci, sai tablo guda jingine da icce. Mafi yawansu Hausa suke ji, kamar goma Tamajak, uku ko huɗu Fulatanci. Faransanci kuwa babu mai jin ko kalma.

Kowane dare ina zama da fitila in rubuta fish ɗina tsaf: manufar darasi, kayan aiki, abin da malam zai faɗa, abin da yara za su yi. Amma da safe sai fish ɗin ya zama takarda kawai. Da na ce a fito da allo, sai ajin ya tashi kamar kasuwa. Wannan ya ce an zauna masa a kan jaka, wancan ya ce ba shi da alli, wata ta ce fitsari. Ina ta ihun "Silansi! Silansi!" har maƙogwaro ya bushe. Kafin ƙarshen wata guda muryata ta dushe, na kuma yanke hukunci a raina cewa yaran ƙauyen nan ba sa jin magana.

Ranar da abin ya ɓaci wata Talata ce, bayan an dawo daga hutun ƙarfe goma. Darasin lissafi muke, na zo da tsakuwa a kwano don ƙidaya. Na bi layi ina zuba wa kowa a hannu, bayana ga rabin ajin. Kafin in kai layi na uku, ƴan layin farko sun gano amfanin tsakuwa da ban tsara ba. Sai na ji ihu. Wata yarinya ta dafe goshi, jini kaɗan yana fita daf da ido. Na juya, na ga wani yaro Buzu a tsaye shi kaɗai, tsakuwa a hannunsa. Ban tambaya ba. Na zabga masa sandar da nake nuni da ita a tablo, sau biyu a baya. Bai yi kuka ba, ya dai kalle ni. Daga baya yara suka gaya mini ba shi ya yi jifa ba. Ya miƙe ne don ya ga ina rabo, yana tsammanin an ce a zo a karɓa. Hausar ma bai gama ji ba.

Washegari bai zo ba. Jibi ma haka. Sunansa yana cikin rajista, kullum ina kira, ba amsa.

A lakwal ɗin akwai wata dattijuwar malama mai riƙe da aji biyu, wadda ta fito daga makarantar horon malamai ta Askiya Muhammad a nan Zindar tun ina goye. Kowa Madam yake ce mata. Zana ce kawai tsakanin ajina da nata, don haka ba abin da ba ta ji. Ranar Alhamis ta ba yaranta aikin kwafa, ta shigo ajina ta zauna a baya da ƴar wayarta da guntun takarda. Ba ta ce uffan ba har aka tashi. Sannan ta kira ni gindin aduwa.

"Ɗana, darasinka minti nawa ne a fish?"

Na ce, "Talatin, Madam."

Ta miƙo mini takardar. Ta rubuta: shigowa da zama, minti 4. Fito da allo da raba alli, minti 5. Raba kayan ƙidaya, minti 3. Tattarawa, minti 2. A ƙasa ta ja layi ta sa 14.

"Ka gani? Saura 16. A cikin 16 ɗin nan kuma ka yi 11 kana magana kai kaɗai, suna zaune. Ni ban ga yaro ko ɗaya da ya yi rashin ji lokacin da yake da abin yi a hannu ba. Duk rikicinka a tsakanin aiki da aiki yake. Ka shirya abin da za ka koyar, amma ba ka shirya yadda za a tashi daga wannan a koma wancan ba."

Na ce ai yaran ne ba sa jin magana. Ta yi dariya, ta ce in je rijiya da yamma in kalla. Kun san rijiyoyin Damargu da zurfi, da dabba ake jan guga. Na je. Yaro ɗan shekara bakwai ne ke kora jaki da igiya, ya yi nisa, babba yana bakin rijiya. Da guga ya iso sai babban ya yi kira guda, yaron ya tsaya cak, ya juyo da jakin. Ba doguwar magana, ba zagi. Biyu daga cikin masu koran nan ƴan ajina ne, waɗanda nake cewa ba sa ji. A nan jikina ya yi sanyi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abu na farko da Madam ta sa na gyara shi ne alamar shiru. Ta ce in zaɓi guda ɗaya tak, wadda ba ta bukatar harshe, kada in canza ta har ƙarshen shekara. Muka tsaya a kan tafi: ni in tafa sau biyu, su amsa da tafi uku, su ɗora hannuwa a gwiwa, ido a kaina. Hikimar ita ce mai tafi dole ya ajiye abin da ke hannunsa, kuma wanda bai ji ni ba zai ji tafin na kusa da shi. Ta kuma ja mini kunne cewa bayan tafin in yi shiru, in ƙirga biyar a zuciya, kada in soma magana sai na ga idon ƴan layin baya. "Idan ka yi magana a kan hayaniya sau ɗaya, ka koya musu cewa tafin ba komai ba ne."

Ba a rana ɗaya suka iya ba. Mun yi mako guda muna gwada shi kamar wasa, minti biyar kowace safiya. Sai in ce kowa ya yi surutu da gangan, su yi ta yi suna dariya, in tafa, mu ga layin da zai riga. Ranar farko sai da na ƙirga ashirin da wani abu kafin a yi tsit. A ƙarshen mako na biyu, biyar ta isa. Da farko ina ganin ɓata lokaci ne, ga karatu yana jira. Amma ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na biyu shi ne rabon kaya, inda jinin ya zuba. Na shirya yaran layi takwas, kowane layi mutum takwas, da ƴar hanya a tsakiya da zan iya bi. Kowane layi yana da shugaba na mako guda, yana zagayawa. Na tara gwangwanayen tumatir takwas, kowanne da guntun alli takwas. Tsakuwa kuwa na zubar da ita, muka yayyanka karan gero tsawon yatsa, muka ɗaure goma goma da zare. Kara ba ya yi wa kowa rauni, kuma idan ya ɓace ga shi nan jibge a bayan aji. Kowane layi ɗauri huɗu, wato yara biyu ɗauri guda. Duk wannan ana jera shi a gaban layi lokacin hutu, kafin yara su shigo. Ni kuma ba na ƙara juya wa aji baya don rabo. Ina tsaye a gaba, ina ganin kowa, shugabanni takwas suna yin abin da a da nake yi ni kaɗai.

Da wannan akwai wata doka da Madam ta nanata: magana tukuna, kaya daga baya. Yaron da ka ba kara a hannu ya daina jin ka, hankalinsa yana wurin karan. Don haka in faɗi abin da za a yi hannunsu wayam, jimla biyu ko uku, in nuna da hannuna, in sa yaro guda ya maimaita da Hausa, wata yarinya mai jin harsunan biyu ta faɗa da Tamajak. Sai a ƙarshe in ce "a fara." Kafin wannan kalma ba mai taɓa komai.

Abu na uku shi ne aikin allo. Akwai tsohuwar dabara da dukanmu muka taso da ita ba mu san sunanta ba, Lamartiniyer, sunan wata makaranta ce a birnin Liyon na Faransa inda aka fara ta a ƙarni na 19. Ni ina tsammanin ɗaga allo ne kawai. Ashe matakanta ne sirrin. Yara su ɗaga alli sama. Malam ya faɗi tambaya sau biyu, su yi tunani allin yana sama. Ya buga tablo, su rubuta. Ya sake bugawa, su ajiye alli su kife allo. Bugu na uku, su ɗaga allo gaba ɗaya. Malam ya duba, a gyara, a goge. Riƙe alli a sama yana hana mai sauri riga kowa, kife allo yana rage leƙe. Tambaya guda tana cin kamar minti ɗaya, a ciki kuma duk yara 64 sun amsa, maimakon guda ɗaya da ya ɗaga hannu sauran suna tsokanar juna.

Bari in kawo muku darasi guda yadda ya koma, ranar da muka koyi lamba 7, don ku ga inda kowane minti ya tafi.

An buga ƙarfen motar da ke rataye a matsayin ƙararrawa, yara suka yi layi takwas a waje, kowa bayan shugabansa. Ina bakin ƙofa, ina nuna layi da yatsa, su shiga ɗaya bayan ɗaya, na baya su fara don kada a tattake na gaba. Minti biyu. Ban ce su zauna ba, domin wanda ya fito daga guje-guje ba ya iya zama nan take. A tsaye muka ƙirga daga ɗaya zuwa shida, kowace lamba da tafi, sannan da buga ƙafa, sannan da raɗa. Raɗan nan da gangan ne, shi ke sauko da su. Minti uku, suka zauna.

Sai allo, minti biyar: tambayoyi biyar a kan lambobin da muka riga muka gani. In ɗaga yatsu huɗu su rubuta lambar, in tafa sau shida su rubuta. Da aka gama, tafi biyu, tafi uku, allo ya koma ƙarƙashin cinya, alli ya koma gwangwani. Minti ɗaya. Wannan sa allo a ƙarƙashin cinya ƙaramin abu ne, amma shi ya kashe mini ƙwanƙwasa da zane-zane lokacin da nake bayani.

Sannan nawa bayanin, minti biyar kacal, kuma ko a ciki ba ni kaɗai ba. Na kira yara shida gaba, aka ƙirga su, na ƙara guda, aka sake ƙirgawa. Na zana awaki bakwai a tablo, na rubuta 7 babba a ƙasa, muka faɗi sunanta da Hausa da Faransanci. Daga nan na faɗi aikin kara hannunsu wayam: ɗaya ya ware bakwai, ɗaya ya ƙirga ya tabbatar, su yi musanya. Wanda ya gama kada ya kira ni, ya raba bakwai ɗin gida biyu ya ga yadda za ta fito, ya sake rabawa wata hanya. Wannan na masu saurin gamawa ne, don su ne ke fara rikici idan hannu ya zauna banza. Minti shida, har da rabon. Ni kuma ina zagayawa, na fara da layin baya.

Minti ɗaya kafin ƙarshe na ce, "Saura kaɗan a ɗaure." Yaro ba ya son a fizge masa abu yana tsakiyar jin daɗi, gargaɗin nan yana rage gardama. Aka ɗaure kara, aka miƙa wa shugabanni, kowa ya miƙe ya yi miƙa, muka rubuta 7 a iska da hannu gaba ɗaya, ni na juya baya rabi don kada su kwafa ta a juye. Minti ɗaya. Suka zauna, suka rubuta ta a allo sau biyar, minti biyar. Minti biyu na ƙarshe: goge allo, shugabanni su ƙirga alli takwas a gwangwani, in yi tambaya guda, "Shida da ɗaya nawa?", a rufe. Idan kun haɗa, talatin ne cif. Sauye-sauyen sun ci minti 6 maimakon 14, kuma ba inda yaro ya zauna yana saurare kawai fiye da minti biyar.

Kada in yi muku ƙarya, ba kullum yake tafiya haka ba. Da hunturu ya shigo, iska tana ratsa zana da ƙura, yara sun cusa hannu cikin riga, tafi ya zama wahala, sai na koma buga gwangwani su amsa da ɗaga hannu, na kwashe kwanaki ina koyar da shi daga farko. Bayan hutun Disamba sun dawo kamar ba su taɓa sanin layi ba, sai da muka sake mako guda na gwaji. Yaran da aka kawo a makare, bayan an gama aikin gona, kowanne sai na zaunar da shi kusa da wanda ya iya. Na kuma yi kuskuren yawan tafi: akwai ranar da na ƙirga na yi shi sau goma sha wani abu a darasi guda, suna amsawa suna ci gaba da surutu. Madam ta ce alamar ta zama waƙa. Idan tafi ya wuce sau huɗu ko biyar a darasi, matsalar tana cikin aikin da na ba su, ko ya yi wuya, ko ya yi tsawo.

Akwai kuma abin da tsari ba ya magani. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi a watan Afrilu, rana ta take, yaron da bai sha ko kunu ba da safe ba tafin da zai dawo da hankalinsa. Abin da na iya shi ne maida lissafi da karatu farkon safiya, zane da tatsuniya ƙarshe. Sannan aji mai tsit yana iya ruɗin malam. Wata rana na ga allo 64 duk da amsa daidai, na ji daɗi. Madam ta ce in kira uku daga baya, ɗaya bayan ɗaya, in ba su kara su ware bakwai. Biyu suka kasa. Sun iya ɗaga allo a kan lokaci, sun kuma iya leƙe a kan lokaci. Tun daga ranar, kowane darasi ina gwada yara uku su kaɗai.

Yaron nan kuwa, kwana tara bai zo ba. A na goma darakta ya raka ni zangonsu, tafiyar kusan awa guda a ƙasa. Mahaifinsa ya shimfiɗa mana tabarma, ya dafa shayi, bai tambayi abin da ya kawo mu ba sai da aka sha na biyu. Na ce, "Baba, ni na bugi yaronka, kuma ba shi da laifi. Na zo neman gafara." Ya daɗe shiru, sannan ya ce da Hausarsa mai nauyi, "Mushe, wannan yaro shi ke kai mini awaki kiwo. Na cire shi na ba ka. In ba ya jin maganarka, ka nuna masa, zai gani." Ban sami abin cewa ba.

Ranar Litinin ya dawo. Ya zauna can ƙarshen layi, ba ya kallona. Amma tafi biyu da tafi uku ba sa bukatar Hausa ko Faransanci, cikin kwana biyu ya fi kowa saurin amsawa. Da makonsa na shugabancin layi ya zo, shi ne bai taɓa maido gwangwani da alli bakwai ba, kullum takwas, kamar yadda yake ƙirga awaki da yamma. Bai taɓa sakin jiki da ni sosai ba, ni ma ban ga laifinsa ba. Kafin ƙarshen shekara iyayensa suka tashi neman makiyaya, suka tafi da shi. Ya tafi ya iya rubuta lambobi har 20.

Takardar nan ta Madam tana cikin littafina har yau. Wanda duk aka tura aji a cikinku, ya roƙi wani ya zauna masa a baya da agogo rana guda, ya rubuta minti nawa ke tafiya tsakanin aiki da aiki. Sannan a fish ɗinsa, a ƙarƙashin kowane mataki, ya ƙara layi guda: me zan ce, wa zai raba, ina hannuwansu za su kasance. Ni sai da na bugi yaron da bai yi komai ba kafin in fara rubuta wannan layi.